Me ya sa intanet ɗina ke rarrafe da zarar na kunna VPN?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Samaru, Zariya, ina aiki da mayfai mai 4G da kwamfuta. In ban kunna VPN ba nakan samu kusan megabit 24, in na kunna sai ya faɗo 3 ko 4. Sabar New York nake zaɓa, an kuma ce mini in bar shi a OpenVPN TCP don ya fi kama layi. Na gwada WireGuard, gudun ya ƙaru, amma wasu shafuka suka daina buɗewa, aika fayil ma sai ya maƙale, sai na koma gidan jiya. In sayi wani VPN ɗin ne, ko in canza layi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayi komai tukuna. Layin da ke ba ka megabit 24 lafiyarsa ƙalau, kuma in ka sayi wani VPN ka saita shi yadda ka saita wannan, abin da ka gani shi za ka sake gani. Matsaloli uku ne suka haɗu maka, kowacce da alamarta, kuma ta ukun ce ta kore ka daga hanyar da ta fi dacewa da kai.

Da farko mu kawar da abin da aka fi ɗora wa laifi, wato kulle bayanai da VPN ke yi. Gaskiya ne kowane fakiti, wato ɗan ƙunshin data da ake turawa, sai an kulle shi an ƙara masa kai mai ɗauke da bayanan tafiyarsa kafin ya fita, amma wannan ƙarin ba ya wuce kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari a manyan fakitoci. Kwamfuta ko wayar zamani tana iya kulle ɗaruruwan megabit a sakan guda ba tare da ta ji a jikinta ba. Inda kullewa ke zama cikas shi ne in an ɗora VPN ɗin a kan ƙaramar rauta mai raunin injin lissafi, wadda OpenVPN kan ƙure ta tun a megabit 10 ko 20. Tunda kai a kwamfuta kake kunna shi, faɗuwa daga 24 zuwa 22 ce kaɗai za a iya jingina wa kullewa. Sauran faɗuwar daga wani waje take.

Nisan saba

Haske a cikin wayar fayiba yana tafiyar kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Tunda saƙo sai ya je amsa ta dawo, kowane kilomita 100 na waya yana cin milisakan ɗaya na kai da komo. Babu kuɗin da zai rage wannan. Daga Zariya data tana bin hasumiya ta shiga fayibar kamfanin layinka, yawanci ta gangara Legas, domin can ne manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka: tsohuwar SAT-3, sai MainOne da Glo-1 na 2010, WACS na 2012, da Equiano na 2022. Daga Legas zuwa Landan kai da komo ya kusa milisakan 100. Daga Landan zuwa New York a ƙara kusan 70. Shi kansa 4G da tafiyar Zariya zuwa Legas sukan ci 50 zuwa 70 a lokacin da layi ba cunkoso. In ka tara, sabar Legas tana wajen 60, ta Landan wajen 160, ta New York wajen 230. In kuma ka zaɓi yammacin Amurka, ka doshi 300.

Abin da yakan rikita mutane shi ne yadda jinkiri ke rage gudu. Ai a tunani, saƙo ya makara da rubu'in sakan, sannan ya ci gaba da kwarara yadda ya saba. Ba haka TCP, tsarin aika data mai tabbatar da isar kowane fakiti, ke aiki ba, kuma shi ne ke ɗauke da mafi yawan abin da kake saukewa. Mai aikawa yana tura wani adadi ne, sannan ya jira a ce masa ya iso kafin ya ƙara. Kamar mai kura ne da jarkokinsa goma sha biyu: in rijiyar burtsatsen tana bayan layi zai cika maka tanki kafin azahar, in kuma sai ya je wata unguwa, jarkokin nan dai goma sha biyu ne a kowane sawu, sawun ne ya ragu. Lissafin kenan: gudu shi ne adadin da ake iya turawa kafin a jira amsa, a raba shi da lokacin kai da komo. In adadin kilobayit 256 ne, wato kusan megabit 2.1, a jinkirin milisakan 60 za ka iya kai megabit 35, wanda ya wuce ƙarfin layinka ma. A 160 ya zama 13. A 230 ya zama 9.

Na'urorin yanzu suna faɗaɗa wannan adadi da kansu in hanya tana da kyau, don haka a layi mai tsabta nisa kaɗai ba ya kashe gudu. Sai dai duk lokacin da fakiti ya ɓace, TCP yana ɗauka cunkoso ne, ya rage adadin, sannan ya riƙa ƙarawa a hankali, sawu bayan sawu. Mai jinkirin 60 yakan farfaɗo nan da nan. Mai 230 kafin ya miƙe wani fakitin ya sake ɓacewa. Layin waya kuwa, musamman daga magariba zuwa sha ɗayan dare a unguwa mai yawan ɗalibai irin Samaru, ba ya rabuwa da ɓatan fakiti da hawa da saukar jinkiri.

Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Manyan kamfanonin bidiyo da na sada zumunta suna ajiye kwafin kayansu a cikin Najeriya, galibi a Legas. In ba VPN, daga nan kusa ake ba ka. In ka fito ta New York, sai a ɗauke ka ɗan Amurka a ba ka kwafin can. Shafin da sabarsa take Legas kuwa, saƙonka sai ya tsallaka teku ya je New York, ya dawo Legas, amsa ta sake komawa New York kafin ta zo Zariya. Maganin wannan shi ne zaɓin da ake rubutawa `Split tunneling` a yawancin manhajoji, inda za ka ware abin da zai bi VPN da wanda zai fita kai tsaye.

Kada ka zaɓi saba da taswira ko da tuta. Wasu kamfanoni suna sa tutar Najeriya a kan sabar da jikinta yake Turai, lambar adireshin ce kawai ta Najeriya. Haka kuma sabar wata ƙasar Afirka da take kusa a ido, hanyar zuwa gare ta tana iya bi ta Landan ko Marseille ta dawo. Awo ne kaɗai ke faɗin gaskiya. Kashe VPN, ka samo adireshin sabar, ka buɗe `cmd` a Windows ka buga wannan, kana sa adireshin a madadin kalmar ƙarshe:

```
ping -n 30 ADIRESHI
```

Ka duba `Average`, wato matsakaicin lokacin kai da komo a milisakan, da kuma `Lost`, yawan fakitin da ya ɓace. In “sabar Najeriya” ta ba ka 150, ba a Najeriya take ba. In aikinka bai wajabta adireshin Amurka ba, ka koma Legas ta gaske, ko Landan, Amsterdam ko Frankfurt. In kuwa wurin aikinka ne ya ce dole ta Amurka, to ka tsaya a gabashinta, ka mai da hankali kan gyara biyun da ke tafe.

Abin da OpenVPN TCP ke yi maka

Wanda ya ce maka TCP ya fi kama layi bai yi ƙarya ba. OpenVPN a kan TCP, musamman ta ƙofa 443, yana kama da buɗe shafi na yau da kullum, shi ya sa yake wucewa a netwok ɗin ofis ko na makaranta da aka toshe wasu ƙofofi. Don wannan aka tanade shi. A mayfai ɗinka da ba wanda ya toshe maka komai, kana biyan tsadarsa ne ba tare da ka ci amfaninsa ba.

Tsadar iri biyu ce. Ta farko, duk abin da kwamfutarka ke yi, shafuka goma, saukewa, kira, ana cusa shi cikin igiyar TCP guda ɗaya tal da ta miƙe daga Zariya zuwa New York. In ba VPN, burauza tana buɗe igiyoyi da yawa, in ɗaya ta yi tuntuɓe sauran suna tafiya. Shafukan gwajin gudu ma haka suke yi, shi ya sa suke nuna maka 24. Yanzu lissafin mai kura da muka yi ya hau kan komai naka gaba ɗaya, ba kan fayil ɗaya ba. Kuma TCP ba ya miƙa fakiti na biyar sai na huɗu ya iso, saboda haka fakiti ɗaya da ya ɓace yana tsayar da duk wanda ke bayansa, ko da na wani shafi ne daban, har sai an sake aiko shi, wato kusan rubu'in sakan a hanyar New York.

Ta biyu ta fi muni. A cikin ramin VPN ɗin ma, wato kulallar hanyar da ke tsakaninka da saba, TCP ne ke gudana, na burauzarka. Kenan TCP biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya, kowanne da agogonsa na jiran amsa. In na waje ya tsaya yana jiran fakitin da ya ɓace, na ciki bai san dalili ba, sai agogonsa ya cika ya sake turo abin da ya riga ya tura, ya kuma rage gudunsa. Na waje ya karɓi maimaicin ya jera a layi. Layi ya ƙara tsawo, jinkiri ya ƙaru, na ciki ya sake maimaitawa. Alamar wannan a fili take: gudu ba ya zama wuri ɗaya, ya hau 8, ya faɗo kusan sifili na 'yan sakanni, ya sake hawa. In ka bar `ping` yana tafiya alhali kana sauke fayil, za ka ga lambar ta tashi daga ɗari biyu da wani abu zuwa dubu ɗaya ko fiye. Megabit 3 ko 4 ɗin da kake gani matsakaicin wannan hawa da faɗuwar ne.

UDP kuwa, ɗayan tsarin aika data, ba ya jiran kowa. In fakiti ya ɓace, ramin ba ya damuwa, TCP na ciki shi kaɗai zai gyara abinsa, sauran igiyoyi suna ci gaba. WireGuard a kan UDP kaɗai yake aiki, kansa ƙarami ne, yana kulle data da ChaCha20 wanda ba ya wahalar da ƙananan na'urori, kuma tun 2020 yake cikin zuciyar Linux, wadda yawancin sabobi ke amfani da ita. IKEv2, wani tsarin VPN ɗin, shi ma a kan UDP yake, ta ƙofa 500 da 4500, kuma ya iya riƙe haɗi in waya ta tashi daga wayifai ta koma data. A ganina jerin a layin waya shi ne WireGuard, sai IKEv2 ko OpenVPN UDP, TCP kuwa sai in duk sauran sun ƙi haɗuwa. Ka kuma lura da zaɓin `Automatic`: in UDP ya yi jinkirin haɗuwa sau ɗaya, wasu manhajojin sukan koma TCP shiru ba tare da sun sanar da kai ba.

Girman fakiti, inda WireGuard ya maƙale maka

Nan ne ainihin gyaran yake. Kowace hanya tana da iyakar girman fakitin da take ɗauka, shi ake rubutawa MTU. A wayar netwok ta ofis bayit 1500 ne. A fayibar gida mai PPPoE 1492 ne. A layin waya sau da yawa bai kai haka ba, domin kamfanin layi ma yana naɗe fakitinka cikin nasa ramin tsakanin hasumiya da cibiyarsa, kuma adadin yana bambanta daga layi zuwa layi.

WireGuard yana ƙara bayit 60 a kan kowane fakiti in sabar tana IPv4: 20 na kan IP, 8 na UDP, 32 nasa. In IPv6 ce, 80 ne. Shi ya sa aka saba saita shi a 1420, wato 1500 a cire 80, bisa zaton hanyar cikakkiya ce. Mu ɗauka layinka 1400 yake ɗauka. Fakitin ciki mai 1420 ya sami ƙarin 60 ya zama 1480, ya fi hanya da bayit 80. Ɗayan biyu zai faru. Ko a raba shi gida biyu, babba da ɗan guntu, wanda ke ninka yawan fakitoci, kuma in rabi ɗaya ya ɓace duka biyun sun tashi a banza. Ko kuma a yar da shi. A ƙa'ida na'urar da ta yar da shi tana aiko saƙon ICMP cewa a rage girma, amma na'urori da yawa a hanya suna toshe wannan saƙo, wasu kuma ba sa barin gutsattsarin fakiti su wuce. Sai mai aikawa ya yi ta maimaita babban fakitin, ana ta yar da shi, ba wanda ya gaya masa.

Wannan ne ya sa alamar take da ban mamaki. Gaisuwar farko ta WireGuard bayit 148 ce kacal, sai manhaja ta nuna maka `Connected`. Gajeren saƙon rubutu yana tafiya, `ping` yana amsawa. Amma shafi mai https da zarar ya zo aiko takardar shaidarsa, wadda ta kai dubban bayit kuma take cika fakiti maƙil, sai ya tsaya yana juyawa. Fayil ya fara tafiya ya daskare. A OpenVPN TCP ba ka ga haka ba domin TCP na waje yana yanka kayansa daidai da hanya tun farko, sai ya rufe maka wannan matsalar ya ba ka waccan.

Ga yadda za ka auna. Kashe VPN, ka haɗa kwamfuta da mayfai ɗin da kake aiki da shi, ka buɗe `cmd`:

```
ping -f -l 1472 ADIRESHI
```

`-f` yana hana a raba fakitin, `-l` girmansa ne. An fara da 1472 domin kan IP da na ICMP suna cin 28, jimla 1500. A Linux, ko a Android ta cikin manhajar Termux, haka ake rubutawa:

```
ping -M do -s 1472 ADIRESHI
```

In a Windows ka ga `Packet needs to be fragmented but DF set` ko `Request timed out`, ko a Linux amsa ta ƙi zuwa, ya yi girma. Amma ka fara tabbatar da sabar tana amsa ƙaramin `ping`, domin wasu ba sa amsawa sam; in haka ne ka gwada da adireshin 1.1.1.1, wanda ke amsawa. Kada ka riƙa ragewa ɗaya-ɗaya. Sauka 1400, in ya ƙi ka sauka 1350. A ce 1350 ya wuce, 1400 ya ƙi: gwada 1375, ya ƙi, 1362, ya wuce, 1370, ya wuce, 1372, ya wuce, 1373, ya ƙi. Mafi girman da ya wuce 1372 ne. Ƙara 28, hanyarka 1400 ce. Cire 60, MTU na WireGuard ya zama 1340, ko 1320 in ta IPv6 kake isa sabar. Ka maimaita kowane gwaji sau biyu ko uku, domin a 4G fakiti yakan ɓace don kansa, kada ka ɗauka girma ne.

In fayil ɗin saiti kake amfani da shi, ka ƙara layi ɗaya a sashen farko:

```
[Interface]
MTU = 1340
```

Ka kashe ramin ka sake kunnawa. Manhajojin kamfanoni wasu suna da gurbin `MTU` a cikin saiti, wasu babu. A OpenVPN UDP, abin da ya yi daidai da wannan a hanya mai 1400 shi ne `mssfix 1360`. Amfanin rage lambar a ɓangarenka ya shafi zuwa da dawowa, domin kwamfutarka za ta riƙa gaya wa kowane shafi tun a gaisuwa cewa ga iyakar girman da zai aiko mata.

In ba ka da halin awo, ko kana yawo tsakanin layuka biyu da wayifai na wurin aiki, sa 1280 ka huta. Mutane suna tsoron rage lambar don kada gudu ya ragu, alhali bambancin 1420 da 1280 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba: a na farko bayit 1380 na kaya ne cikin 1480, a na biyu 1240 cikin 1340. Kada dai ka sauka ƙasa da 1280, domin shi ne mafi ƙanƙantar da IPv6 ke karɓa, ƙasa da haka wasu abubuwan za su daina aiki a cikin ramin.

Yadda za ka bi su

Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, kuma ka yi gwajin da safe, lokacin da hasumiya ba ta cika ba, in ba haka ba ba za ka san abin da ya yi aiki ba. Auna layi ba VPN ka rubuta. Koma WireGuard a sabar New York ɗin nan taka, ka sa MTU ɗin da ka auna, ka buɗe shafukan da suka ƙi buɗewa, ka aika fayil mai megabayit 20 ko fiye. In sun tafi, an gama da wannan. Sannan ka canza saba zuwa Landan ko Legas ka sake aunawa. Ban da shafin gwajin gudu, ka sauke babban fayil guda ka kalli lambar, domin shi ne ke nuna abin da igiya ɗaya ke samu. A layi mai 24, abin da ya kamata ka sa rai shi ne kusan 20 a sabar kusa, ƙasa da haka kaɗan a Turai, New York kuma ta fi su ƙasa amma nesa da 4.

In bayan duk wannan saba ɗaya ta ci gaba da rarrafe alhali jinkirinta daidai yake kuma ba fakitin da ke ɓacewa, to cunkoso ne a kanta, ka gwada wata a gari ɗaya. VPN na kyauta da yawa suna ƙayyade gudu da gangan, wannan ba saitin da zai gyara shi. In WireGuard ya ƙi haɗuwa gaba ɗaya a wani netwok, an toshe UDP ne a wurin, sai ka koma TCP amma da saba mafi kusa, domin gajeren jinkiri yana rage masa waccan sarƙewar. Faɗuwar dare kuwa, in ka kashe VPN ka ga layin da kansa ya sauko 6, daga hasumiya ce, abin da zai taimaka shi ne matsar da mayfai kusa da taga ko ɗaga manyan saukewa zuwa bayan asuba. Akwai kuma ranakun da wayar teku ke yankewa, kamar a watan Maris na 2024 da wayoyi huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. A irin wannan rana duk sabar da ke ƙetare za ta yi nauyi, ta cikin gida ce kaɗai za ta yi maka aiki har a gyara.